Excel ya ƙi tashi, mai gyara ya ce a wanke kwamfuta

Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da lissafin shagon kawuna kusa da Kasuwar Dole, muna sarin shinkafa, suga da mai. Mako uku ke nan Excel yana ba ni wahala. In na buɗe shi sai ya tsaya a kan koren tambarin nan, wata rana minti biyar, wata rana allo ya yi fari ya rubuta Ne répond pas. Word yana aiki lafiya lau. Office 2016 ne, na Faransanci. A watan jiya wani abokina ya zuba mini manhajar PDF, da wani abu mai rubuta adadin kuɗi da kalmomi a kan faktir. Mai gyara ya ce sai an wanke kwamfutar, jika 10. Bashin mutane na shekara huɗu yana ciki, kawu kuma ya fara cewa ni na ɓata ta. Yaya zan yi?

Mai riƙon littafi, Sabon Gari, Damagaram

Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe jika gomanka tukuna. Kafin ka taɓa komai, rufe Excel, soka kile, ka kwafi fayil ɗin bashin da duk wani fayil na shago a kai, ka zare kilen ka ajiye a aljihu. Kwafi ba ya bukatar Excel ya buɗe, daga dosiye zuwa kile ne kawai. Idan ka yi wannan, duk abin da zan faɗa a ƙasa gwaji ne marar hasara.

Abin da ya kamata ka fahimta shi ne Excel ba ya tashi shi kaɗai. Duk lokacin da ka danna shi, kafin ya nuna maka layuka da gidajen lissafi, sai ya ɗauki waɗansu ƙananan manhajoji da aka maƙala masa. A allonka sunansu Compléments, mai Office na Ingilishi kuma zai ga Add-ins. Ni ƴan goyo nake kiransu, don haka suke: yana goya su ne kafin ya fita, kuma idan ɗaya ya toge a bakin ƙofa, uwar ma ba ta fita. Waɗansu kai ka sa su da saninka. Waɗansu kuwa wata manhaja ce ta maƙala su ba tare da ta yi maka sallama ba, kuma manhajojin PDF, da na riga-kafin cutar kwamfuta, da na lissafin kasuwanci sun saba yin haka.

Akwai hanyar tayar da Excel ba tare da goyon ba, ita ce Mode sans échec, wadda Ingilishi ke kira Safe Mode. Ka lura, ba irin ta Windows ba ce da masu gyara ke shiga tun wajen kunna kwamfuta. Wannan ta Excel ce shi kaɗai, ba sai ka kashe komai ba.

Da farko ka tabbata babu wani tsohon Excel da ya maƙale a ɓoye. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Gestionnaire des tâches zai buɗe. In ka ga Microsoft Excel ko EXCEL.EXE alhali babu tagarsa a allo, zaɓe shi ka danna Fin de tâche. Wanda Excel ya daɗe yana daskare masa yakan yi ta dannawa, sai ka tarar da biyu ko uku sun taru suna cin juna. Bayan nan danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wannan a ɗan akwatin da ya fito, da tazara tsakanin kalmar da sandar:

```
excel /safe
```

In ba ka son rubutu, riƙe Ctrl ka danna tambarin Excel, kada ka saki sai ya tambaye ka ko kana son Mode sans échec, ka ce Oui. Wani lokaci tambayar tana ɓuya a bayan wata taga, Alt da Tab za su fito maka da ita. Idan ya buɗe, dubi can saman tagar, za ka ga an rubuta Mode sans échec kusa da sunan fayil. In ba ka ga rubutun ba, ba ka shiga ba, sake gwadawa.

Yanzu ka ƙirga. Idan ya buɗe cikin ƴan daƙiƙu, to Excel ɗin kansa lafiyarsa ƙalau, Windows ma haka, cutar tana cikin abin da aka tsallake. Kuma ba ƴan goyo kaɗai ake tsallakewa ba. Wannan buɗin yana barin fayilolin da Excel ke buɗewa da kansa a farkon tashi, da sauye-sauyen da aka yi wa jerin maɓallan sama. Saboda haka buɗewarsa da sauri bai ce lallai ɗan goyo ne ba, ya dai taƙaita mana waɗanda ake zargi zuwa gida uku. A lamarinka ina sa ran gida na farko ne, saboda lokacin da abin ya fara ya yi kusa da lokacin da aka yi maka zubin nan.

Wani gargaɗi kafin mu wuce. Idan ka buɗe faktir a cikin wannan yanayi, gidan da ke rubuta kuɗi da kalmomi yana iya nuna #NOM? maimakon rubutun. Ba lalacewa ya yi ba. Dabarar da ke gidan tana kiran wani aiki da ɗan goyo ne ya kawo shi, shi kuma ba ya nan. Kada ka goge ta, kada ka buga faktir a haka, rufe kawai ba tare da ka adana ba.

Ga inda ake samun su: Fichier, sai Options, sai Compléments. Za ka ga jeri, na sama su ne masu aiki, na ƙasa waɗanda ke barci. Kafin ka taɓa komai ɗauki hoton allon da wayarka. Mutane da yawa sukan cire alamomi su manta yadda suka same su, sai gyara ya haifi wani gyaran. Ka kuma ja ginshiƙin Emplacement ya faɗaɗa, ka karanta inda kowanne yake zaune, zan dawo kan wannan.

A can ƙasan tagar akwai Gérer da ɗan jerin zaɓi. Iri biyu ne suka dame mu. Compléments COM su ne waɗanda wata manhaja ta zuba tare da kanta, nan ne na PDF zai kasance. Compléments Excel kuwa fayiloli ne masu ƙarewa da .xlam ko .xla ko .xll, kuma mai rubuta adadi da kalmomi kusan kullum irin wannan ne. Fara da COM. Zaɓe shi, danna Atteindre, cire alamar da ke gaban kowanne, danna OK. Akwai maɓallin Supprimer a gefe, kada ka kusance shi, cire alama kawai muke yi don mu iya mayarwa. Rufe Excel gaba ɗaya, ka buɗe shi yadda ka saba.

Idan ya tashi garau, mai laifin yana cikin waɗanda ka cire. Sai ka dinga mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kana rufe Excel kana buɗewa bayan kowanne. Rufewar nan ita ce gwajin, domin a wajen tashi ne yake togewa, sa alama kawai ba ta nuna komai. Wanda ka mayar abin ya dawo, shi ne. In sun kai shida ko takwas, kuma kowace daskarewa tana cin minti biyar, mayar da rabi a lokaci guda: in ya daskare yana cikin wannan rabin, in bai daskare ba yana cikin ɗayan, sai ka sake rabawa. Gwaji uku sun isa a kama ɗaya cikin takwas. Amma in ka kama ɗaya, ka ƙarasa mayar da sauran ka gani, don akan samu biyu da kowanne shi kaɗai lafiya, in sun haɗu kuma su rikice.

Wani lokaci za ka cire alama ya ce maka an sa wannan ne don duk masu amfani da kwamfutar, sai mai iko kaɗai ke cire shi. To rufe Excel, danna tambarinsa da maɓallin dama, zaɓi Exécuter en tant qu'administrateur, ka sake cirewa. Wani kuma sai ka cire yau, gobe ka tarar alamar ta dawo, saboda uwar manhajar tana mayar da shi. Irin wannan ba a lallashinsa, uwar ake cirewa daga kwamfutar ɗungurungum, ko a nemo sabon zubinta. Idan na PDF ne ya zama mai laifi, ni ba zan ma sha wahalar gyara shi ba. Excel 2016 yana fitar da PDF da kansa: Fichier, Enregistrer sous, ka zaɓi PDF a wajen nau'in fayil. Faktir ba ya bukatar fiye da haka.

Idan ka cire duk na COM bai canza zani ba, koma Gérer ka zaɓi Compléments Excel. A nan akwai ɗan tarko. A cikin Mode sans échec ba a ɗauko su ba tun farko, don haka kana iya ganin akwatunan babu alama, ka ɗauka babu komai. Tunda naka yana buɗewa in an yi haƙuri, buɗe shi ta hanyar kullum, ka je ka sha shayi, in ya farfaɗo ka shiga ka cire alamomin daga nan. Za ka ga na Microsoft kansa kamar Solveur da na nazarin alƙaluma, waɗannan ba kasafai suke kawo matsala ba. Baƙon suna kake nema.

Na ce zan dawo kan Emplacement, ga dalili. An taɓa kirana wata makaranta mai zaman kanta a nan garin. Sakatariyar ta ce mini kwamfutarta tana da lokutanta: da safe Excel yana buɗewa kamar walƙiya, bayan azahar kuma sai ya yi ta nazari. An canza wa kwamfutar ƙwaƙwalwa, an wanke ta sau ɗaya, bayan kwana biyu abin ya dawo. Na je da la'asar, na buɗe Gestionnaire des tâches yayin da Excel ke daskare, na dubi ginshiƙin Processeur. Sifili ne, ko kusa da shi. Wannan alama ce mai daraja. Excel da ke fama da lissafi mai nauyi yana cin ƙarfin na'ura, za ka ga adadin ya hau, fanka tana kuka. Excel da ya daskare alhali ba ya cin komai jira yake yi, yana kiran wani abu da bai amsa ba. Windows kuwa in taga ta yi kamar daƙiƙa 5 ba ta amsa masa ba sai ya manna mata Ne répond pas, bai damu ba ko aiki take ko jira.

Da excel /safe ya buɗe nan take. Na COM ba su da laifi. Da na karanta Emplacement sai na ga wani .xla mai rubuta kuɗin makaranta da kalmomi a kan rasit, adireshinsa ya fara da sanduna biyu, \\, sai sunan wata kwamfuta. Ta shugaban makarantar ce. Wanda ya sa musu shi bai kwafo shi ba, ya nuna wa Excel ne inda yake a dosiyen da aka raba tsakanin kwamfutocin makarantar. Da safe shugaba yana ofis, kwamfutarsa a kunne. Da azahar ya naɗe ta ya tafi gida, Excel ya zauna yana ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa har sai ya gaji. Da aka wanke kwamfutar kuwa, yaron da ya sa shi da farko shi ya sake sa shi, daga wuri guda. Ka ga abin da ya sa wanki bai yi magani ba.

Gyaran bai kai minti goma ba. Na kwafo fayil ɗin zuwa gidan da Excel ya tanada don irinsa. Kai ma in ka rubuta wannan a akwatin Windows da R zai buɗe maka shi:

```
%appdata%\Microsoft\AddIns
```

Na cire alamar tsohon, na rufe Excel, na buɗe, na danna Parcourir na nuna masa sabon, na sake rubuta dabarar a takardar rasit don ta daina neman tsohon adireshi. Kai ba ka ambaci wata kwamfuta a shago ba, amma ka duba dai. In adireshin naka ya fara da \\, ko da wani harafi kamar E: ko F: wanda na kilen abokinka ne, to ka san abin yi: karɓo fayil ɗin, ka zaunar da shi a gidansa. In kuma yana zaune daidai amma shi ne ke daskarar da Excel, to tsohon rubutu ne da bai jitu da naka ba, a nemi wani. Fichier, Compte, À propos d'Excel zai gaya maka ko naka 32 bits ne ko 64 bits, kuma wannan ne farkon abin da za ka faɗa wa duk wanda zai ba ka wani, domin da yawa daga tsofaffin an rubuta su ne don 32.

To idan an cire ƴan goyo duka, amma har yanzu Mode sans échec ne kaɗai ke buɗewa da sauri fa? Saura gida biyu. Akwai wani dosiye da duk abin da ke cikinsa Excel yana buɗe shi a kowane tashi, ko ka so ko ba ka so:

```
%appdata%\Microsoft\Excel\XLSTART
```

Kwashe abin da ke ciki zuwa wani dosiye a kan tebur, kada ka goge. In ka ga PERSONAL.XLSB, nan ne ake ajiye ƙananan umarnin da mutum ya naɗa wa kansa, kuma yana iya lalacewa in kwamfuta ta mutu yana tsakiyar adanawa, abin da ba baƙo ba ne ga mai tsohon batir a lokacin zafi. Daga nan leƙa Options, Options avancées, gangara zuwa Général, akwai layin da ke cewa a buɗe duk fayilolin wani dosiye a farkon tashi. Ya kamata ya zama fanko. Na taɓa ganin wanda ya rubuta Documents a wurin yana zaton wajen adanawa ne, Excel kuwa ya dinga ƙoƙarin buɗe duk abin da ya tara. Gida na ƙarshe, na sauye-sauyen jerin maɓallai, ɗan fayil ne mai ƙarewa da .xlb, a dosiyen da ke sama da XLSTART, a Office 2016 sunansa Excel15.xlb. Rufe Excel, canza wa fayil ɗin suna, Excel zai ƙirƙiri sabo.

Akwai kuma yiwuwar ko a Mode sans échec ɗin ya daskare. Kada ka yanke hukunci nan take cewa ƴan goyo sun kuɓuta, domin mafi yawan na COM ake tsallakewa, ba duka ba, don haka ka jure ka cire alamominsu ko da hakan. Bayan su, abin da na fi zargi shi ne firinta. Excel yana tuntuɓar firintar da aka naɗa ta farko don ya san girman takarda, in kuwa firintar ta wani ofis ce ko ta wani shagon buga takardu da ka taɓa haɗawa, zai tsaya jiranta. Shiga wajen firintoci a Windows, ka naɗa Microsoft Print to PDF a matsayin ta farko, ka sake gwadawa. Alamarta iri ɗaya ce da ta makarantar can, daskarewa ba tare da cin ƙarfin na'ura ba.

Ka kuma bambanta abu biyu da mutane ke haɗawa. Buɗe Excel fanko daban, danna fayil ɗin bashi daban. In fanko yana buɗewa lafiya, fayil ɗin ne kaɗai ke kwantar da shi, to maganar ta koma kan fayil: nauyinsa, ko wata alaƙa da yake da ita da wani fayil da ya ɓata. Wannan wata wasiƙar ce, ka rubuto in haka ne.

Sai duk wannan ya gaza ake zuwa gyaran Office, kuma shi ma ba wanki ba ne. Windows da R, rubuta appwiz.cpl, zaɓi Microsoft Office, danna Modifier. Wani zubin zai nuna maka Réparer kawai. Wani zai ba ka zaɓi biyu: Réparation rapide ba ya bukatar intanet, da shi ake farawa, Réparation en ligne kuwa sake sauko da Office ne gaba ɗaya, yana cin mega sosai, kuma yana iya neman lasisi daga baya. In ba ka da tabbacin takardun Office ɗinka, kada ka danna na biyun ranar da kake da faktir a gaba. Ka sani kuma Microsoft ya daina fitar wa Office 2016 gyare-gyare tun 14 ga Oktoba 2025, don haka sababbin manhajoji za su ƙara yin nisa da shi, wani dalilin ke nan na rage masa goyo.

Kada ka mayar da Mode sans échec wurin zama. Na san masu yin wata da watanni a ciki don yana buɗewa. Wasu saituttukan ba sa zama a can, kuma idan kwamfuta ta mutu kana tsakiyar aiki, fayil ɗin da Excel ya ceto ba ya buɗe kansa a wannan yanayi. Wurin bincike ne, a shiga a fito.

Game da kawu, ba sai an yi doguwar magana ba. Rubuta wannan a akwatin Windows da R:

```
perfmon /rel
```

Zai zana maka kwanaki a jere, da jan tambari a duk ranar da wata manhaja ta daskare ko ta faɗi, da shuɗi a ranar da aka zuba sabon abu. Koma baya mako huɗu ko biyar, ka nemi ranar da jan tambarin Excel ya fara bayyana, ka dubi abin da aka zuba a ranar ko kafinta kaɗan. Fayil irin .xla ba ya fitowa a nan tunda kwafo shi ake yi, amma manhajar PDF galibi tana fitowa da sunanta da kwanan wata. Ka kira kawu bayan la'asar in ciniki ya lafa, ka buɗe masa Excel ta excel /safe ya ga littafin bashinsa cif, sunan kowa da abin da ake binsa, sannan ka nuna masa ranar.